Si-Ti: Taransifomar da Buɗe Bakinta Ya Fi Haɗe Shi Haɗari

Darasin farko da kowane ɗan koyon aikin lantarki yake sha daga bakin maigidansa shi ne: kada ka bari waya biyu su haɗu. Haɗuwar waya ita ke ƙone fiyus, ita ke tashin gobara, waya kuwa idan ta rabu da 'yar'uwarta wuta ta tsaya ke nan. Wannan darasi gaskiya ne a soket, gaskiya ne a janareta, gaskiya ne a babbar taransifomar unguwa. Amma akwai wata na'ura guda a cikin fanel wadda dokarta ta juya baya ga wannan. Idan ka haɗe wayoyinta biyu, lafiya lau take zaune. Idan ka raba su alhali wuta na aiki, tana iya fitar da ɗaruruwa ko dubban bolt a kan 'yar wayar da ɗazu ba ta wuce bolt biyu ba. Ita ce taransifomar awon karant, wadda ake rubuta CT a jikinta, masu aiki kuma suke ce mata si-ti.

Ɗan'uwa mai koyo, ba ina so ka haddace dokar kawai ba ne. Wanda ya haddace ba tare da ya gane dalili ba, ranar da aiki ya matse shi zai ce ai minti ɗaya ne kawai. Abin da nake so shi ne ka ga abin da ke faruwa a cikin ƙarfen nan, har hannunka ya ƙi kwance wannan kusa da kansa.

Mene ne aikinta?

A ɗauka muna cikin masana'antar casar shinkafa mai taransifomarta ta kanta. Wutar da ke shiga babban fanel tana bin sandunan jan ƙarfe uku, kowace sanda tana ɗauke da ɗaruruwan amfiya. Babu ƙaramar mita ko amita da za ta iya haɗiye wannan karant kai tsaye. Saboda haka ake zura kowace sanda ta cikin wani zobe. Zoben nan ƙarfe ne na musamman mai karɓar maganaɗisu, an naɗe shi da siririyar waya zagaye da yawa, an rufe shi da roba mai tauri. Bakin wayar biyu sun fito waje, an rubuta musu S1 da S2, daga nan suke tafiya zuwa mita.

Sandar da ta ratsa zoben ita ce firamare, kuma zagaye ɗaya ake lissafa ta. Siririyar wayar da aka naɗa ita ce sakandare. Idan ka ga an rubuta 400/5 a jikin si-ti, ma'anarsa idan amfiya 400 ta bi sanda, amfiya 5 za ta bi siririyar waya. Raba 400 da 5, ka sami 80: zagayen wayar ke nan a jikin zoben. Yau injin yana jan amfiya 300, don haka abin da ke zuwa mita shi ne 300 a raba da 80, wato amfiya 3.75. Mita ta karanta wannan, ta ninka da 80, ta san gaskiyar abin da masana'anta ke sha.

Yanzu riƙe wannan da kyau, domin shi ne tushen duk bayanin. A taransifomar unguwa, abin da masu gidaje suka kunna a sakandare shi ke yanke yawan karant da firamare za ta ja. Idan kowa ya kashe kayansa, firamare ma sai ta huta, ba ta jan komai sai ɗan kaɗan. Si-ti ba haka take ba. Karant ɗin da ke bin sandarta, injinan casa ne suka kira shi. Sandar hanya ce kawai da yake wucewa. Ko ka haɗa mita, ko ka cire ta, ko ka yanke wayar gaba ɗaya, amfiya 300 ɗin nan za ta ci gaba da ratsa zoben, domin injin bai san abin da kake yi ba. Ba ka da ikon rage firamare daga ɓangaren sakandare.

Ja-in-ja a cikin zobe

Duk karant da ya bi waya yana haifar da maganaɗisu kewaye da ita. Ƙarfin da yake tura maganaɗisu cikin ƙarfe ana auna shi ne da yawan amfiya a ninka da yawan zagaye. Sandarmu tana ba da 300 sau 1, wato 300. Sakandare kuma tana ba da 3.75 sau 80, shi ma 300. Abin lura shi ne, karant ɗin sakandare kullum yana tafiya ne ta fuskar da ke adawa da na firamare.

Kamar ƙarti biyu ne masu ƙarfi ɗaya suna jan igiya, kowa ta ɓangarensa. Ƙarfi mai yawa ake zubawa, amma igiyar da ƙyar take motsi. Haka zoben yake: turi 300 ta nan, turi kusan 300 ta can, abin da ya rage ɗan kaɗan ne ƙwarai, kuma wannan ɗan ragowar shi kaɗai ke sa maganaɗisu a cikin ƙarfen. Shi ya sa boltej ɗin sakandare yake ƙarami. Idan duk hanyar, daga naɗin zuwa mita da dawowa, tana da turjiya ta om 0.4, to bolt ɗin da ake bukata don tura amfiya 3.75 shi ne 3.75 sau 0.4, wato bolt ɗaya da rabi. Maganaɗisun da ke cikin ƙarfen a wannan hali bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da ƙarfen zai iya ɗauka ba.

Daga nan za ka ga dalilin da ya sa haɗe S1 da S2 ba ya cutar da ita. Idan ka haɗe su da guntuwar waya, karant ɗin ba zai yi tsalle ba kamar yadda yake yi a soket. Zai tsaya a amfiya 3.75 ɗinsa, domin firamare ce ke yanka masa iyaka. Sai ma dai si-ti ta ƙara samun sauƙi, tunda hanyar ta gajarta kuma boltej ya ƙara sauka.

Lokacin da aka saki igiya

Yanzu ga ɗan koyo ya zo canza amita da ta lalace. Ya sa sukundireba ya kwance wayar S1, inji na ta aiki. Karant ɗin sakandare ya koma sifili. Ƙato ɗaya ya saki igiya, ɗayan kuwa bai daina ja ba. Turin 300 ɗin nan duka, wanda a da ɗan ragowarsa kawai ke shiga ƙarfe, yanzu ya faɗa kan zoben ba mai tare shi.

Ƙarfe yana da iyakar maganaɗisun da yake iya ɗauka. Idan ya kai wannan iyaka ya ƙoshi, duk abin da aka ƙara masa kusan a banza ne. Zobe irin namu, turi kamar 30 ya isa ya kai shi bakin ƙoshi, ga shi kuma ana ɗura masa ninki goma na haka. Mutum zai yi zaton tunda ƙarfen ya ƙoshi, abin ya tsaya nan. A'a, a nan ne ma haɗarin yake ɗaukar siffarsa.

A shekarar 1831 Michael Faraday ya gano a Ingila cewa ba yawan maganaɗisu ke haifar da boltej a naɗin waya ba, saurin sauyawarsa ne. Maganaɗisu mai yawa da ke tsaye cik ba ya ba da ko bolt ɗaya. Wanda ya sauya cikin ƙiftawar ido kuwa yana ba da boltej mai yawa, kuma kowane zagaye na waya yana samun rabonsa, a tara su duka.

Wutar da muke sha a Najeriya da Nijar tana kai da kawowa sau 50 a sakan ɗaya. Ke nan karant yana ratsa sifili yana juya fuska sau 100 a kowane sakan. Bi rabin zagaye ɗaya ka gani. Karant yana sama, ƙarfe a ƙoshe, maganaɗisu kusan a tsaye, boltej kusan babu. Karant ya fara sauka, amma har yanzu ya fi ƙarfin abin da ƙarfen ke bukata, don haka ƙarfen na nan a ƙoshe. Sai da ya zo dab da sifili sannan ƙarfen ya saki, kuma nan take karant ya juya ya ƙosar da shi ta ɗaya fuskar. Duk wannan juyi, daga cikakken ƙoshi ta nan zuwa cikakken ƙoshi ta can, ya matse ne cikin ɗan tsakanin da karant ke tafiya daga amfiya 30 ta wannan fuska zuwa 30 ta waccan. Ga lodin amfiya 300, wannan ba ya wuce kamar kashi ɗaya cikin 2000 na sakan.

Mu sa lissafi. A ɗauka kaurin ƙarfen zoben murabba'in santimita 10 ne, kuma yana ƙoshi a wajen tesla 1.8, kamar yadda irin wannan ƙarfe ya saba. Juyin da aka yi cikin wannan ɗan lokaci yana ba kowane zagaye bolt 7 da ɗoriya. Ninka da zagaye 80, ka kusa bolt 600. Wayar da ɗazu take da bolt ɗaya da rabi ke nan. Kuma ba sau ɗaya ba ne: tsini ne mai tashi ya faɗi, ya sake tashi ta ɗaya fuskar, sau 100 kowane sakan, muddin injin na aiki.

Ka lura, bolt 600 ya fi ƙarfin wutar da ke kan sandar kanta. Wannan boltej ba daga layi ya tsallako ba, a cikin naɗin aka haife shi. Don haka kada ka ce ai fanel ɗin na ƙaramar wuta ne, abin ba zai yi muni ba.

Abu biyu ke ƙara tsawon tsinin. Na farko yawan zagaye. Si-ti mai 400/1 tana da zagaye 400, ninki biyar na tamu, don haka da zobe iri ɗaya lissafin zai kai kusa da bolt 3000. Manyan si-ti na tashoshin wuta, masu kaurin ƙarfe da zagaye dubu ko fiye, suna iya wuce haka nesa. Na biyu yawan lodi. Idan karant ya ƙaru, yana ratsa sifili da ƙarin sauri, lokacin juyin ya ƙara gajarta, tsinin ya ƙara tsawo. Babbar mota ta inji tana jan ninki biyar ko shida na karant ɗinta lokacin tashi. Kana iya kwance waya da safe lodi kaɗan, ba ka ga tartsatsi ba, sai wani a can ciki ya danna maɓallin inji hannunka na kan kusa.

Ɓarnar da take yi

Ta farko a jikin mutum ce. Idan yatsunka suka cike giɓin da ka buɗe, ka zama hanyar da si-ti take nema ta tura karant ɗinta. Amfiya 3.75 take son turawa, alhali 'yan gomomin miliamfiya da suka ratsa ƙirji sun isa su rikita bugun zuciya. Kada kuma ka dogara da birekar nan mai kare mutum daga jan wuta. Ita tana lura ne da karant ɗin da ya ɓace daga layi, sakandaren si-ti kuwa da'ira ce daban, birekar ba ta ganin abin da ke faruwa a cikinta. Ko jan bai kashe ba, zaburar da mutum zai yi a gaban buɗaɗɗen fanel tana iya jefa hannunsa ko sukundirebarsa kan sandunan.

Ta biyu a jikin na'urar. Siririyar wayar naɗi ɗan shafen fenti ne kawai ya raba zagaye da zagaye. Tsinin boltej yana huda shi, zagaye biyu su manne. Ƙarfen da ake ƙosarwa ta nan da can sau ɗari a sakan yana yin zafi sosai, har robar jiki ta narke ko ta kama wuta. Tartsatsin da ke tsalle a bakin wayar da ta saki yana babbake allon haɗa wayoyi.

Ta uku ita ce mai ɓoyewa. Si-ti tana iya tsira a ido, amma wani maganaɗisu ya maƙale a ƙarfenta, ko wasu zagaye sun manne a ciki. Daga ranar awonta ya karkace. Mita ta riƙa karanta abin da ba shi ne ba, ko rile mai kare taransifoma ya yanke wuta ba dalili, ko ya yi jinkiri ranar da ake bukatarsa. Shi ya sa duk si-tin da aka tabbatar ta zauna a buɗe da lodi, sai an gwada rabonta da ƙarfin rufinta kafin a sake amincewa da ita, idan an yi shakka a canza ta.

Yadda za ka gane ta buɗe

Ba kullum hannun mutum ke buɗe ta ba. Girgizar inji tana kwance kusa a hankali, ɓera yana cin waya, tsatsa tana cin bakin haɗi, makunnin da ke zaɓar fes ɗin amita yana lalacewa. Alama mafi bayyana ita ce amita ko mita ta nuna sifili a fes ɗaya, ragowar biyun suna karatu, injinan kuma suna aiki lafiya. Idan ka maƙala kilam-mita a kebul ɗin wannan fes ka ga karant na wucewa, to ka fara zargin sakandare. Sau da yawa za ka ji zoben yana wani gurnani mai kaifi da ya bambanta da na 'yan'uwansa, ko ka ji ƙauri, ko ƙarar tartsatsi a allon haɗi. Ruwa ba ya tsami banza.

Kada ka ɗauko ƙaramar mitarka ka ce bari ka auna S1 da S2. Tsinin siriri ne, mafi yawan lokacin boltej ɗin yana ƙasa, don haka mitar hannu za ta nuna maka adadi mai kwantar da hankali wanda ya yi ƙasa sosai da gaskiyar tsinin. Kuma kai ka kai hannunka inda bai kamata ba, mitar ma tana iya ƙonewa. Kada ka yi ƙoƙarin mayar da wayar da hannu da sauri. Ja da baya, hana kowa matsowa, kira maigidanka, a kashe babbar bireka. Da zarar karant ya daina bin sanda, tsinin ya mutu.

Yadda ake aikin daidai

Hanya mafi aminci ita ce a kashe wutar, a kulle birekar da kwaɗo, makulli na aljihunka, a gwada a tabbatar babu wuta. Ka tuna da janareta: idan sandar tana iya samun wuta ta wata hanya, a kulle can ma.

Inda ba za a iya tsayar da aiki ba, akwai tsari, kuma na wanda ya ƙware ne, kai naka kallo da koyo. A fanel mai kyau, wayoyin si-ti suna bi ta wani allon gwaji kafin su isa mita, kuma allon yana da gada ta ƙarfe da ake zamewa ko ɗaurewa don haɗe S1 da S2. Ana fara rufe gadar, a ɓangaren si-ti, ba a ɓangaren mita ba. Sai a duba: karatun amita ya faɗi ƙasa warwas, kilam-mita kuma ta nuna karant na yawo a wayar da ke tsakanin si-ti da gada. Sannan a kwance mita. An gama, a ɗaure sabuwar, a ja kowace waya a tabbatar ta kama, sannan a buɗe gadar a ƙarshe, a ga karatu ya dawo. Gada ita ce farkon shiga, ita ce ƙarshen fita. Wayar da aka murɗa da hannu ko aka maƙala da ɗan maƙali ba gada ba ce, domin idan ta zame an koma gidan jiya, hannu na ciki.

Lokacin sabon haɗi ma akwai abin kiyayewa. Ba a sa fiyus a sakandaren si-ti, domin fiyus aikinsa buɗe hanya ne, buɗe hanya kuwa shi ne ainihin abin da muke gudu. Makunnin zaɓen fes dole ya zama wanda aka ƙera don amita, mai haɗe si-ti kafin ya sake ta. Na bolmita bai dace ba ko da sun yi kama. Ana haɗa baki ɗaya na sakandare da wayar ƙasa, a wuri ɗaya tak, domin idan aka haɗa a wurare biyu wani karant zai bi ta ƙasa ya ɓata awo. Wannan haɗin ƙasa kuma ba ya hana tsinin tashi, ɗaya bakin yana nan da haɗarinsa. Si-tin da aka zura a sanda amma mitarta ba ta iso ba tukuna, a haɗe bakinta a bar ta haka. Sai dai idan mai baki uku ce, S1 da S2 da S3, don zaɓen rabo, kuma kana amfani da biyu, na ukun a bar shi a sake a rufe shi da kyau. Naɗi ɗaya ne, haɗe shi zai ɓata karatun.

Mai buɗewa biyu da ake maƙalawa a kebul ba tare da an kwance shi ba, idan mai fitar da amfiya 5 ko 1 ce, ita ma dokarta ɗaya: a haɗa wayoyinta tukuna kafin a rufe ta a kan kebul mai lodi. Akwai wasu ƙanana da aka rubuta musu 333 mV, waɗanda aka dasa musu turjiya a ciki don hanyarsu ta kasance a rufe kullum. Karanta abin da ke jikin na'ura kafin ka yanke hukunci, kada ka yi zato da ido.

Akwatin mitar kamfanin rarraba wuta mai hatimi kuwa ba hurumin mai gyaran masana'anta ba ne. Idan ka ga alamar si-ti ta buɗe a cikinsa, a kashe lodi a sanar da kamfanin.

Kafin sukundirebarka ta taɓa kowace kusa a bayan amita, ko mita, ko rile, bi wayar da ido har inda ta fito. Idan daga zobe ta fito, tambayi kanka abu biyu: shin karant na bin sandar, kuma shin an rufe gada? Idan ba ka da tabbacin amsar ko ɗaya daga ciki, ajiye kayan aiki ka kira maigida. Tsayar da inji na rabin awa asara ce da mai masana'anta zai mayar kafin la'asar.